Yadda ake gano ranar da magani zai ƙare idan sau biyu ake sha a rana kuma da yamma aka fara

An ba ka ƙwaya 14, an ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, har kwana bakwai. Ka sha ta farko ranar Litinin da ƙarfe 7 na yamma. Yaushe za ka sha ta ƙarshe?

Mafi yawan mutane za su ƙirga da yatsu, Litinin ɗaya, Talata biyu, har su kai Lahadi bakwai, su ce ranar Lahadi da yamma an gama. Ranar Lahadi da yamma kuwa, idan aka duba katin maganin, sai a tarar da saura ƙwaya ɗaya. Daga nan wani ya ɗauka mai ba da magani ne ya ƙara masa, ya yar da ita. Wani ya ɗauka shi ne ya manta bai sha ba wata rana, ya haɗa biyu ya haɗiye. Alhali babu wanda ya ƙara, babu wanda ya manta. Wannan ƙwaya ta safiyar Litinin ce, kuma da ita maganin yake cika.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ranar da ka fara, sau ɗaya kawai ka sha, domin safiyarta ta riga ta wuce kafin maganin ya zo hannunka. Kwana bakwai da likita ya rubuta yana nufin sha 14, kuma wanda ya fara da yamma sai ya taɓa ranaku takwas a kalanda kafin ya cika su: rabin rana a farko, cikakkun ranaku shida a tsakiya, rabin rana a ƙarshe. Duk lissafin da ke ƙasa a kan wannan ya tsaya. Kada ka ƙirga ranaku tukuna, fara ƙirga sau nawa za a sha, sannan ka mayar da shi ranaku.

Mataki na farko: gano sau nawa za a sha gaba ɗaya

Kowane lokaci da ka sha maganin, bari mu kira shi karo ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ka haɗiya ko biyu. Adadin karo muke nema, ba adadin ƙwaya ba, kuma hanya biyu ce ake samunsa.

Idan kwanaki aka rubuta, sai ka ninka su sau biyu. Kwana 5 karo 10 ne, kwana 7 karo 14, kwana 10 karo 20, kwana 14 karo 28. A takardar likita sau da yawa za ka ga BD ko BID, wato sau biyu a rana, sannan wani abu kamar 7/7, wato kwana bakwai, ko 5/7, kwana biyar.

Idan ƙwayoyin ne a hannunka, sai ka ƙirga su ka raba da yawan da ake sha a karo ɗaya. Ƙwaya 14, ɗaya a kowane karo, karo 14 ke nan. Ƙwaya 28, biyu-biyu, shi ma karo 14 ne. Nan ne wasu suke zamewa, su raba 28 gida biyu su ce kwana 14, alhali ƙwaya huɗu suke sha a rana, kuma mako guda maganin zai yi.

Ni shawarata ka bi hanyoyin duka biyu ka gwada su da juna tun ranar farko. Idan takarda ta ce kwana 7 kuma ƙwaya 14 ce a hannunka, shi ke nan. Idan ta ce kwana 7 amma kwalin yana ɗauke da 20, to ba yawan ƙwayar ne zai yanke ranar gamawa ba, abin da likita ya rubuta ne, domin ba kullum ake shirya kwali daidai da kwanakin kowane mai jinya ba. Idan kuma ƙwayar ta gaza, misali 12 maimakon 14, gara ka gane yau ka koma ka tambaya, da ka gane ana saura kwana ɗaya. Akwai ma magungunan da ake cewa a sha biyu a karon farko, sannan a ci gaba da ɗai-ɗai. A irin wannan, ware na farkon gefe kafin ka raba: ƙwaya 15, biyu a karon farko, saura 13 ɗai-ɗai, jimla karo 14.

Mataki na biyu: rubuta ranar da ka sha ta farko

Ranar da ƙwayar farko ta shiga cikinka ake so, ba ranar da aka rubuta maganin ko aka saye shi ba. Rubuta kwanan wata, sunan ranar da lokacin a jikin kwalin: Litinin, 3 ga Maris, 7 na yamma. Bayan kwana huɗu ko biyar, musamman ga wanda ba shi da lafiya, tuna ko Litinin aka fara ko Talata yakan gagara, kuma idan wannan rana ta ɓace babu lissafin da zai fita.

Mataki na uku: raba adadin karon gida biyu, ka ɗora a kan ranar farawa

Wannan ne jigon aikin. Ɗauki adadin karon, ka raba shi biyu. Abin da ya fito shi ne kwanakin da za ka ƙara a kan kwanan watan da ka fara. Ƙarawa za ka yi, ba ƙirgawa daga ranar farko ba. Wato idan ka fara ranar 3 kuma rabon ya ba ka 7, sai ka ce 3 da 7, 10.

Sannan ka dubi ko rabon ya bar saura. Idan ya rabu daidai ba saura, da safe za ka gama. Idan ya bar saura ɗaya, da yamma za ka gama, a wannan ranar da lissafin ya ba ka.

Mu gwada da misalinmu, a kalandar 2025. An fara Litinin, 3 ga Maris, da yamma, karo 14. Rabin 14 shi ne 7, ba saura. 3 da 7 sun zama 10. Ƙwayar ƙarshe ta faɗa safiyar Litinin, 10 ga Maris.

Yana da kyau ka ga inda wannan doka ta fito, domin wanda ya fahimce ta ba zai buƙaci haddace ta ba. Bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta 1 ita ce yammacin ranar 3. Ta 2 safiyar ranar 4, ta 3 yammacinta. Ta 4 safiyar ranar 5, ta 5 yammacinta. Ta 6 safiyar ranar 6. Ka lura, duk lambar da take rabuwa biyu daidai, 2, 4, 6, da safe take faɗawa, kuma kowace irinta sabuwar rana take buɗewa. Ta 2 tana kwana ɗaya bayan farawa, ta 4 kwana biyu, ta 6 kwana uku. A haka ta 14 dole ta zo kwana bakwai bayan farawa, da safe. Su kuwa 3, 5, 7, masu barin saura ɗaya, kullum su ne na yammacin ranar da 'yar'uwarsu ta buɗe.

Don haka idan ƙwaya 21 aka ba ka, ɗai-ɗai, rabonta biyu 10 ne da saura ɗaya. 3 da 10, 13. Za ka gama Alhamis, 13 ga Maris, da yamma. Wannan saura ɗayan ba ya ƙara rana, lokaci kawai yake nunawa. Na jaddada haka ne saboda hannu yakan yi saurin mayar da 10 da rabi zuwa 11, sai a wuce da kwana guda.

Ga wanda da safe ya fara, wannan doka ba tasa ba ce. Shi ranarsa ta farko cikakkiya ce, don haka karo 14 daga safiyar Litinin 3 ga wata zai ƙare yammacin Lahadi 9 ga wata. Ƙirgar yatsun nan ta farko tasa ce, kuma shi ya sa take yaudarar mutane: daidai ce, amma ga wani mutum dabam.

Mataki na huɗu: idan lissafin ya tsallake ƙarshen wata

Idan jimlar ta wuce kwanakin watan da ka fara a ciki, cire kwanakin watan, abin da ya rage shi ne kwanan sabon wata. Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kwana 30 suke yi. Fabrairu 28, sai a shekara mai ƙarin kwana kamar 2024 da 2028 ya yi 29. Sauran duk 31.

Ga cikakken misali daga farko har ƙarshe. An ba mutum ƙwaya 40, biyu da safe biyu da yamma, kwana 10. Ya sha na farko Alhamis, 27 ga Maris 2025, ƙarfe 7 na yamma. Kwana 10 sau biyu, karo 20. Ƙwaya 40 a raba biyu-biyu, karo 20. Takarda da kwali sun yi daidai. Rabin 20 shi ne 10, ba saura, don haka da safe zai gama. 27 da 10 sun zama 37. Maris kwana 31 ne, a cire 31 daga 37, saura 6. Ranar gamawa 6 ga Afrilu, da safe. Sunan ranar kuwa, cire mako ɗaya daga kwana 10, saura 3, sai ka matsa uku daga Alhamis: Juma'a, Asabar, Lahadi. Safiyar Lahadi, 6 ga Afrilu.

Fabrairu ne yake son a duba shekara. Karo 14 daga yammacin 25 ga Fabrairu ya ba da 32. A 2025 za a cire 28, a samu 4 ga Maris. A 2028 za a cire 29, a samu 3 ga Maris.

Mataki na biyar: tabbatar da amsar ta hanyar awoyi

Ina son kowane lissafi ya samu wata hanya ta biyu da za ta shaide shi, kuma a nan awoyi ne. Tsakanin karo da karo awa 12 ne. Amma gibin da ke tsakani bai kai yawan karon ba, ya gaza da ɗaya, kamar yadda yatsu biyar suke da tsakani huɗu. Don haka cire ɗaya daga adadin karon, ka ninka sau 12.

Karo 14, a cire ɗaya, 13. 13 sau 12, awa 156. Kwana shida awa 144 ne, saura 12. Daga Litinin 7 na yamma, kwana shida ya kai Lahadi 7 na yamma, a ƙara awa 12, Litinin 7 na safe. Ya yi daidai da abin da muka samu. Na ƙwaya 40 ɗin: 19 sau 12, awa 228, wato kwana tara da awa 12. Kwana tara daga 27 ga Maris shi ne 5 ga Afrilu da yamma, da ƙarin awa 12 ya zama safiyar 6 ga Afrilu. Idan hanyoyin biyu suka saɓa, galibi ko an manta cire ɗayan nan ne, ko an yi kuskuren kwanakin wata.

Da ka tabbatar, rubuta a kan kwalin ƙarƙashin ranar farawa, har da lokacin: ta ƙarshe, Litinin 10 ga Maris, da safe. Idan kana sa ƙararrawar waya ta tuna maka, ita ma ka duba ranar da ka ce ta tsaya. Idan kwanaki bakwai kawai ka shigar mata, tana iya yin shiru daga daren Lahadi, ta bar ka da ƙwaya ɗaya ba wanda zai tuna maka da ita.

Abin da ya rage a kati yana gaya maka ko kana kan hanya

Amfanin wannan lissafi bai tsaya ga ranar ƙarshe ba. A kowace rana kana iya sanin nawa ya kamata ka sha zuwa yanzu. Ƙirga kwanakin da suka wuce tun ranar farawa, ka ninka biyu. Wannan ne adadin da ya kamata ka kai bayan na safe. Bayan na yamma ka ƙara ɗaya.

Alhamis 6 ga Maris kwana uku ne bayan Litinin 3. Uku sau biyu shida, don haka bayan na safe ka sha 6, saura 8. Bayan na yamma ka sha 7, saura 7. Wannan yana warware shakkar nan da kowa yake faɗawa ciki, ta ko na sha ko ban sha ba. Idan daren Alhamis ne kuma ka ga 8 a kati, to akwai karo ɗaya da bai shiga ba. Idan ka ga 7, ka riga ka sha, kada ka ƙara. Idan 6 ka gani, ko an sha biyu a wani karo ko wata ta faɗi, kuma wannan abin faɗa wa mai ba da magani ne.

Ga wanda yake kula da wani, dattijo ko yaro, ko inda mutum biyu suke karɓa-karɓa wajen ba da maganin, wannan ƙirga ta fi tambayar juna aminci.

Idan an tsallake karo ɗaya

Abin da za a yi da karon da aka manta ya danganta da maganin, kuma takardar da ke cikin kwalin takan faɗa. Abin da aka fi rubutawa shi ne a sha da zarar an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to a bar wanda ya wuce, kuma kada a haɗa biyu don ramawa. Idan ka tuna bayan awa biyu ko uku ka sha, ranar gamawa ba ta motsa ba.

Idan karon ya wuce gaba ɗaya, kuma likita ko mai ba da magani ya ce ka shanye duka, to kowane karo da aka tsallake yana tura ƙarshen gaba da awa 12. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka ajiye tsohon lissafi ka sake sabo daga abin da ke hannunka. A ce ka tsallake na safiyar Alhamis, ka sha na yamma, saura 8. Na gaba safiyar Juma'a 7 ga Maris ne, kuma 8 cikakkun ranaku huɗu ne: Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Za ka gama Litinin 10 ga Maris ɗin dai, amma da yamma maimakon da safe. Da biyu aka tsallake, sai safiyar Talata 11. Idan kuwa na gaban na yamma ne, to ka dawo kan dokarmu, ka ɗauki wannan yammacin a matsayin ranar farawa.

Haka nan kada son a gama a cikin kwana bakwai cif ya sa ka sha biyu a daren farko, wai don cike gurbin safiyar da ta wuce. Wannan safiya ba bashi ba ce. Tazarar da ke tsakanin karo biyu an sa ta ne don yawan maganin a jini ya tsaya inda ake so, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba.

Wurare biyu da lissafin yake son a kula

Na farko shi ne wanda ya sha ta farko bayan sha biyun dare. A ce 12:30 na daren Litinin, wayarsa ta riga ta nuna Talata 4 ga wata. Idan ya ɗora 7 a kan 4 zai samu 11, ya wuce da kwana ɗaya. Wannan karo na daren Litinin ne, don haka daga 3 zai lissafa. Awoyi ma sun shaida: awa 156 daga nan sun kai Litinin 10 ga Maris, 12:30 na rana. Amma irin wannan mutum ya tambaya kafin ya sha na biyu da ƙarfe 7 na safe, domin awa shida da rabi kacal ke tsakani. Mai ba da magani zai gaya masa yadda zai matso da lokacin zuwa wanda ya fi masa sauƙi.

Na biyu shi ne maganin da tazararsa ta farko ba awa 12 ba ce. Sanannen misali shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro na atemita da lumefantirin. Karo shida ake sha, kuma na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sannan a awa ta 24, ta 36, ta 48 da ta 60. Wanda ya fara Litinin 7 na yamma zai sha na biyu 3 na dare kafin wayewar garin Talata, na uku Talata 7 na yamma, sai Laraba safe da yamma, na shida kuma Alhamis 7 na safe. Ranar ta yi daidai da dokarmu, rabin 6 shi ne 3, Litinin da uku Alhamis, da safe. Lokacin karo na biyun ne ya bambanta, kuma shi ne wanda barci yake cinyewa idan ba a sa ƙararrawa ba. Sannan duk da ana kiransa maganin kwana uku, wanda ya fara da yamma sai ya shiga rana ta huɗu.

Idan magani fiye da ɗaya aka ba ka, kowanne da nasa lissafin. Wanda ake sha sau uku ko sau ɗaya a rana ba ya bin wannan doka, kuma ba dole su ƙare rana ɗaya ba.

Abin da ake ɗorawa a kan ranar gamawa

Ga mai shan magani na dindindin, ranar da ta fi muhimmanci ita ce karon farko da ba shi da ƙwaya. Ƙwaya 60 da aka fara yammacin 3 ga Maris: rabinta 30, 3 da 30 sun zama 33, a cire 31, saura 2. Ta ƙarshe safiyar Laraba 2 ga Afrilu. Yammacin wannan ranar kansa yana buƙatar sabon magani, ba washegari ba. Don haka a karɓo sabo kwanaki kaɗan kafin nan.

Akwai kuma gwaje-gwajen da ake ƙirga lokacinsu daga ƙwayar ƙarshe. Bayan maganin ƙwayar cutar H. pylori, wadda take jawo gyambon ciki, ana jira aƙalla mako huɗu bayan gama magungunan kashe ƙwayoyin cuta kafin a yi gwajin numfashi ko na bayan gida, domin idan aka yi gaggawa gwajin yana iya cewa babu alhali tana nan. Wanda aka ba na kwana 14 sau biyu a rana, ya fara yammacin Litinin 3 ga Maris, karo 28 ne, rabinsa 14, zai gama safiyar Litinin 17 ga Maris. Kwana 28 a kan 17 ya zama 45, a cire 31 na Maris, saura 14. Gwajin nasa daga Litinin 14 ga Afrilu ne zuwa gaba, kuma 17 ga Maris ce ranar da zai faɗa wa likita idan an tambaye shi yaushe ya gama.